An bar dubu 100 an kama dubu 20: yadda ake karanta sakamakon shuka fitsari

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 29, ba ni da ciki. Kwana huɗu ina jin zafi in zan yi fitsari, kuma kowane ɗan lokaci sai na ji kamar zan yi. Likita ya ce a shuka fitsarina. Na tara shi a gida da asuba a wata kwalba da na wanke, na kai lab wajen ƙarfe 11. Sakamako ya nuna ƙwayoyi sun haura 100,000, iri uku a cuɗe, amma aka ce gurɓata ce, in sake. Na biyu a can lab ɗin na yi, aka samu E. coli ita kaɗai, 20,000, da ƙwayoyin mugunya 15 zuwa 20. A kan wannan ƙaramin adadin aka ba ni magani. Yaya za a watsar da babban adadi a kama ƙarami? Ko dai an yi wasa da lafiyata ne?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba a yi wasa da lafiyarki ba. Bisa abin da kika rubuto, lab ɗin da likitan duk sun bi ƙa'ida a karo na farko da na biyu. Adadin da ke kan takarda ba a karanta shi shi kaɗai. Ana haɗa shi da irin ƙwayar da ta tsiro, da yawan ire-iren da suka tsiro tare, da yadda aka ɗebi fitsarin, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin a shuka shi, da kuma abin da mai fitsarin ke ji a jikinta. Bari mu fara da inda adadin ya fito, don in kin ga yadda ake samun sa, sauran bayanin zai zo da sauƙi.

Ma'aikacin lab ba ya ƙirga ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya a cikin kwalbarki. Yana da wani ɗan sanda mai ƙaramin zobe a baki, na waya ko na roba, wanda aka auna shi ya ɗauki fitsari kashi ɗaya cikin dubu na mililita, wato 0.001 mL. Sai ya juya kwalbar fitsarin ya gauraye, ya tsoma zoben a tsaye, ya ja layi a tsakiyar faranti mai ɗauke da abincin ƙwayoyi, sannan ya baje layin a faɗin farantin. Farantin da aka fi amfani da shi ga fitsari shi ne CLED, wasu kuma sukan haɗa farantin jini da na MacConkey. Daga nan sai a saka shi a akwatin ɗumi mai zafin digiri 35 zuwa 37, ya kwana, awa 18 zuwa 24. Duk ƙwayar da ke raye a cikin wannan ɗan ɗigon za ta hayayyafa a inda ta faɗa, har ta zama gungun da ido ke gani. Washegari sai a ƙirga gungun, a ninka da 1,000, abin da ya fito shi ne adadin da ake rubutawa da CFU/mL.

To, dubu 20 ɗinki ma'anarta an ga gungu 20 a faranti. Dubu 100 kuma gungu 100 ne ko fiye, inda farantin ya cika har ba a tsayawa ƙirga. Kin ga ke nan wannan awo na kintace ne. Zoben kan ɗauki fiye ko ƙasa da abin da aka ƙiyasta in an karkata shi wajen tsomawa, don haka babu wani bambanci na zahiri tsakanin 20,000 da 30,000. Abin da ke da ma'ana shi ne matakin: dubu ɗaya, dubu goma, dubu ɗari. Haka kuma zoben 0.001 mL ba ya iya gano abin da bai kai 1,000 a mililita ba. In likita yana zargin ƙwayoyin ba su da yawa, sai ya sanar da lab a yi amfani da babban zobe na 0.01 mL, wanda gungu ɗaya a cikinsa ke nufin 100.

Asalin matsalar gurɓata kuwa hanyar da fitsari ke bi ce. A cikin mafitsarar mai lafiya, fitsari ba ya ɗauke da irin ƙwayoyin da ke tsirowa a wannan gwaji. Amma kafin ya isa kwalba sai ya ratsa bakin bututun fitsari da fatar gaba, kuma waɗannan wurare cike suke da ƙwayoyin da ke zaune lafiya da mutum. Ga mace bututun gajere ne, kusan santimita 4, yana kuma maƙwabtaka da farji da dubura, saboda haka da wuya a samu fitsarin da bai kwaso komai a hanya ba. Aikin lab shi ne ya raba ƙwayar da ta fito daga cikin mafitsara da wadda aka kwaso a bakin ƙofa.

Adadin nan na 100,000 da kowa ya sani ya samo asali ne daga aikin wani likita mai suna Edward Kass a Boston a shekarun 1950. Ya lura cewa matan da ke da ciwon ƙoda na ƙwayoyi, da waɗanda ƙwayoyi suka zauna musu a mafitsara da gaske, adadinsu yakan kai 100,000 ko ya wuce, fitsarin da ya gurɓata a hanya kuwa yawanci ƙasa yake da haka sosai. Ma'auni ne mai kyau ga abin da aka yi shi dominsa. Sai dai an ɗauke shi an ɗora a kan kowa, har da mace mai zafin fitsari irinki. A 1982 Walter Stamm da abokan aikinsa suka kwatanta fitsarin da mata masu irin alamunki suka tara da kansu da wanda aka zuƙo kai tsaye daga mafitsararsu. Suka gano cewa da yawa cikin masu ciwo na gaskiya ba su kai 100,000 ba, kuma ga mace mai alamu, ƙwayar hanji irin E. coli tana da ma'ana ko da adadinta 100 ne kacal a mililita. Shi ya sa yau ƙwararren likita ba ya jiran sai an cika dubu ɗari kafin ya yarda cewa mai jin zafi tana da ciwo.

Yanzu mu duba fitsarinki na farko. Abu uku ne suka ɓata shi, kuma mafi girma a cikinsu shi ne lokaci. Fitsari abinci ne ga ƙwayoyi, ba sa daina hayayyafa don an rufe kwalba. E. coli a yanayin da ya fi dacewa da ita tana ninka kanta cikin kusan minti 20. A kwalbar da aka ajiye a ɗaki ba ta kai wannan sauri, to mu ɗauka tana ninkawa duk minti 40 a wuri mai ɗumi. Cikin awa huɗu ta ninka sau shida ke nan, wato sau 64. Fitsarin da ya bar jikinki da ƙwayoyin fata 2,000 a mililita, adadin da babu wanda zai damu da shi, zai isa faranti da 128,000. Ke kuwa daga asuba zuwa ƙarfe 11 kin ba su fiye da awa huɗu. Ƙa'ida ita ce a shuka fitsari cikin awa biyu da yin sa. In hakan ba zai yiwu ba, a sa shi a firij mai sanyin digiri 4, inda zai iya kai awa 24, ko a zuba shi a kwalba mai sinadarin borik da ke hana ƙwayoyi ƙaruwa. Ita wannan kwalbar dole a cika ta har layin da aka zana, domin in fitsarin ya yi kaɗan sinadarin yakan yi ƙarfi ya kashe ƙwayoyin da ake nema.

Na biyu kwalbar ce. Wankewa da sabulu ba ta kawar da ƙwayoyi duka, kuma ragowar sabulu ko maganin wanki na iya kashe wasu ya bar wasu. Kwalbar lab da aka tsarkake aka rufe, ita ce kawai ta dace.

Na uku, wanda shi ne ya yanke hukunci a idon ma'aikacin lab, shi ne ire-ire uku da suka tsiro. Ciwon mafitsara na yau da kullum kusan koyaushe ƙwaya ɗaya ce ke jawo shi. Ta hau bututu, ta samu wuri, ta mamaye. In aka buɗe akwatin ɗumi aka ɗauko farantin mai irin wannan ciwo, gungun duk kamarsu ɗaya: girma ɗaya, launi ɗaya, a kan CLED E. coli takan fito rawaya domin tana cin sukarin madara da ke cikin farantin. Farantin gurɓata kuwa ko daga nesa ana gane shi. Ga manyan gungu masu laushi, ga ƙanana kamar kan allura, ga farare masu ƙyalli, kowanne da ɗan rabonsa, babu wanda ya rinjayi sauran. Yawancin lab suna bin tsari kusan ɗaya. Iri ɗaya, a tantance sunansa a gwada magungunan da ke kashe shi. Iri biyu, a duba ko dukansu masu jawo ciwon fitsari ne kuma suna da yawa, ko ɗaya ya rinjayi ɗayan nesa ba kusa ba, sai a bi mai rinjayen. Iri uku ko fiye ba tare da mai rinjaye ba, a rubuta cuɗanya ce, a nemi sabon fitsari.

Ƙin ci gaba da aiki a kan irin wannan faranti ba ƙyuya ba ce, kuma mun fi ganin ƙimar lab ɗin da ke tsayawa a nan fiye da wanda zai tsinci gungu ɗaya ya rubuta masa suna da jerin magunguna don kada a ce bai ba da sakamako ba. In aka tsinci gungun da ba shi ne mai laifi ba, za a ba ki maganin ƙwayar fatarki, ainihin mai jawo ciwon kuma tana nan, wataƙila ma maganin ba ya taɓa ta. Ki kuma lura da wani abu da mutane da yawa ke kuskurewa: sakamakon cuɗanya bai ce ba ki da ciwo ba. Cewa ya yi wannan fitsarin ba zai iya ba da amsa ba. Mai yiwuwa E. coli ɗinki tana cikin ukun nan tun farko, sauran suka rufe ta.

Sunan ƙwayar ma yana da nauyi kamar adadinta. E. coli ce ke jawo mafi yawan ciwon mafitsara ga mata, sai Klebsiella da Proteus, da kuma Staphylococcus saprophyticus wadda ta fi kama mata matasa. Waɗannan in sun fito su kaɗai ana ɗaukar su da muhimmanci. Lactobacillus kuwa mazauniyar farji ce ta asali, haka ƙwayoyin fata irin Corynebacterium da yawancin 'yan gidan Staphylococcus da ke kan fata, don haka ko sun yi yawa gurɓata ake fara zato. Akwai na tsakiya. Wani bincike da Thomas Hooton ya jagoranta, da aka wallafa a 2013, ya nuna cewa in E. coli ta fito a fitsarin da mace mai alamu ta tara da kanta, kusan koyaushe ana samun ta a cikin mafitsara ko da adadin kaɗan ne, amma Enterococcus da Streptococcus na rukunin B sau da yawa ba a samun su a mafitsarar ko da sun fito a kwalba. Wannan ya ƙara ƙarfafa hukuncin da aka yanke a kan fitsarinki na biyu.

Shi wannan na biyun duk shaidunsa sun haɗu a wuri ɗaya. An shuka shi nan take, don haka adadin bai kumbura a kwalba ba. Ƙwaya ɗaya ce, kuma sananniyar mai jawo wannan ciwo. Ga ƙwayoyin mugunya, wato fararen ƙwayoyin jini da jiki ke turawa inda ake faɗa. A ƙarƙashin madubin likita, in sun wuce 5 zuwa 10 a fili ɗaya na babban gilashi, ko 10 a maikirolita in da ma'auni aka ƙirga, ana cewa akwai kumburi a hanyar fitsari, naki kuwa 15 zuwa 20 ne. Ƙwayar da aka kwaso daga fata ba ta sa jiki ya tura mayaƙa cikin mafitsara. Sannan ga zafi da yawan fitsari da kike ji. In kin duba takardar farko, mai yiwuwa ki ga an rubuta cewa akwai ƙwayoyin ɓawon fata da yawa, waɗanda ke saɓulowa daga fatar gaba, alamar fitsarin ya goge fata kafin ya shiga kwalba. Su kaɗai ba sa isa hujja, amma in suka zo tare da cuɗanya sukan ƙara tabbatar da zato.

Me ya sa adadin ya tsaya a 20,000 alhali ciwon na gaske ne? Ƙwayoyi suna buƙatar fitsari ya zauna a mafitsara kafin su taru. Mai ciwon mafitsara kuwa ba ta iya riƙewa, kowane ɗan lokaci tana zubar da su kafin su yi yawa. In kin sha ruwa da yawa don ki samu fitsarin da za ki bayar, kin ƙara tsarma shi. Wadda ta sha maganin kashe ƙwayoyi ko da sau ɗaya ne kafin gwaji, adadinta yakan faɗi ƙasa, wani lokacin ma komai ba ya tsirowa. Wannan dalili ne ma ke sa tsinken gwajin fitsari ya kasa nuna naitirait, sinadarin da ke nuna akwai ƙwayoyi a fitsari, ga mai ciwo na gaskiya, domin ƙwayoyin suna buƙatar kusan awa huɗu a mafitsara kafin su samar da shi, wasu kamar Enterococcus ma ba sa samar da shi sam.

Akwai kuma akasin halinki, kuma a nan ne ake yawan shan magani a banza. Mutum yana iya samun ƙwaya ɗaya, adadi ya haura 100,000, an tara fitsarin da kyau, amma ba ya jin komai. Wannan ba gurɓata ba ce, ƙwayoyin da gaske suna cikin mafitsara, sai dai zama kawai suke yi. Ana yawan ganin haka ga tsofaffi, da masu ciwon sukari, da duk wanda robar fitsari ta daɗe a jikinsa. Ba a ba su magani, domin ba ya amfanar su, sai dai ya koya wa ƙwayoyin jure magani. Mutum biyu aka cire: mai juna biyu, saboda gare ta ƙwayoyin kan hau zuwa ƙoda, da wanda za a yi wa aikin hanyar fitsari da zai fasa fatar ciki. Shi ya sa bayanin da kika yi cewa ba ki da ciki yana da amfani. Da kina da shi, ko sakamakon cuɗanya ba za a bari ya wuce ba tare da an sake ba, kuma Streptococcus na rukunin B komai ƙanƙantar adadinsa sai an rubuta shi a katin awonki saboda ranar haihuwa.

Ma'aunin yana sauyawa da hanyar ɗiba, tunda gwargwadon yadda aka kauce wa fata, gwargwadon yadda ƙaramin adadi ke samun ma'ana. Ga mai robar fitsari da ke da alamu ana farawa daga 1,000, kuma daga jikin bututun ake zuƙa, ba daga jakar da fitsarin ya kwana ba. Fitsarin da aka zuƙo da allura ta mara kai tsaye daga mafitsara, duk abin da ya tsiro ana ɗaukar sa da gaske. Jakar da ake manna wa jarirai kuwa tana gurɓata sosai, har in ta nuna ƙwayoyi sai an tabbatar da wata hanya kafin a yanke hukunci.

In har aka sake neman fitsarinki nan gaba, ga yadda za ki yi ki huta da zuwa sau biyu. Ki karɓi kwalba daga lab, ki yi kafin ki fara shan kowane maganin kashe ƙwayoyi, in kuma kin riga kin sha ki faɗi sunansa da ranar da kika fara. Fitsarin farko na safe ya fi kyau, in bai samu ba ki yi ƙoƙarin riƙewa awa biyu zuwa huɗu, kada ki ɗura ruwa don ya zo. Ki wanke hannu, ki wanke gaba da ruwa zalla daga gaba zuwa baya, ban da maganin kashe ƙwayoyi na wanka, domin in ya ɗiga a kwalba zai hana tsiro. Ki buɗa leɓɓan gaba da yatsu biyu ki riƙe su a buɗe har ki gama, wannan matakin ya fi wankin ma tasiri. Ki bar farkon fitsarin ya zuba, kamar yadda ake barin ruwan famfo ya ɗan kwarara ya wanke bakin bututu, sannan ba tare da kin tsayar ba ki tara kwalbar a tsakiya. Mililita 10 zuwa 20 ya wadatar. Kada kwalbar ta taɓa fata, kada yatsa ya shiga cikinta ko cikin murfin. In kina al'ada ko farin ruwa yana zuba, ki faɗa wa mai karɓa, domin farin ruwa yana kawo nasa ƙwayoyin mugunya ya rikita lissafi. Ki rubuta lokacin da kika yi a jikin kwalbar.

Maganin da aka ba ki ki sha shi yadda aka rubuta, kuma ki tambayi likita ko yana cikin waɗanda takardar ta nuna suna kashe wannan E. coli ɗin, wato masu alamar S, ba masu R ba. Ya kamata zafin ya fara sauka cikin kwana biyu. In ya tafi gaba ɗaya, mace marar ciki ba ta buƙatar sake shuka fitsari don tabbatar da warkewa. In bai sauka ba bayan kwana biyu zuwa uku, ko ya dawo cikin mako biyu, ki koma a sake shukawa. In aka sake sai ga ƙwayoyin mugunya amma komai bai tsiro ba, to a nemi abin da faranti na yau da kullum ba ya nunawa, kamar Chlamydia da sauran cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, ko tsakuwar ƙoda, ko tarin fuka na hanyar fitsari. Zazzaɓi, rawar sanyi, amai, ko ciwo a gefen baya ƙarƙashin haƙarƙari kuwa alamu ne na cewa ciwon ya hau ƙoda, kuma wannan a ranar ake zuwa asibiti, ba a jiran wani sakamako.